Yadda ake tura waƙa daga waya zuwa sifika ko talabijin, da abin yi idan na'urar ta ƙi fitowa

Abu na farko da ya kamata ka riƙe shi ne, idan ka danna alamar turawa a YouTube ko Spotify, ba wayarka ce ke aika sautin zuwa talabijin ba. Wayar tana gaya wa talabijin ɗin ne kawai inda waƙar take a intanet, shi kuma ya je ya ɗauko da kansa ta waifai. Daga nan aikin wayar ya koma na rimot: tsayarwa, ƙara murya, tsallakewa zuwa ta gaba. Shi ya sa za a iya kiran ka a waya kana magana, waƙar kuma tana ci gaba da tashi a falo ba ta yanke ba. Bulutut ba haka yake ba, domin a can wayar ce ke ɗauke da sautin, da ka yi nisa da ita sai ya fara sarƙewa.

Wanda ya gane wannan ya gane rabin gyaran. Kafin waya ta ba talabijin umarni, dole ta fara gano shi. Yadda take yi shi ne ta yi shela a cikin waifai ɗin da take kai, tana tambayar ko akwai na'urar da ke karɓar turawa, na'urar da ta ji kuma ta amsa da sunanta. Wannan shela ba ta fita intanet, ba ta kuma tsallaka daga rauta ɗaya, wato akwatin da ke ba da waifai, zuwa wata. Kamar sallama ce a zauren gida: na cikin gidan ne ke ji, maƙwabci bai san an yi ba. Saboda haka duk lokacin da sifika ta ƙi fitowa a jerin na'urori, tambayar ita ce me ya hana shelar isa gare ta, ko me ya hana amsarta dawowa.

Fara tabbatar da cewa na'urarka tana jin yaren da wayar ke yi

A nan mutane da yawa ke ɓata yini guda suna gyaran abin da bai lalace ba. Hanyoyin turawa ba ɗaya ba ne. Akwai ta Google, wato Google Cast, wadda ke cikin Chromecast, ƙaramar na'urar da ake sokawa a bayan talabijin, da sifikun Google Home da Nest, da talabijin masu Android TV ko Google TV. Akwai AirPlay ta Apple, wadda wayar iPhone ke amfani da ita zuwa HomePod, Apple TV, da talabijin na Samsung da LG na 'yan shekarun nan. Sai kuma Spotify Connect, wadda ke aiki daga cikin manhajar Spotify kaɗai. Sifikar Echo ta Amazon ba ta karɓar Google Cast, don haka komai daɗewar da ka yi kana jira ba za ta fito a jerin YouTube ba. Ita ana iya tura mata ta bulutut, ko ta Spotify bayan an haɗa asusunka da ita.

Sai maganar akwatunan talabijin da ake sayarwa a kasuwannin Alaba da Kwamfuta Bilej na Ikeja a Legas. Da yawansu an rubuta Android a jikin kwali, kuma gaskiya ne Android ɗin ce a ciki, amma irin ta waya ce aka ɗora, ba Android TV mai izinin Google ba. Irin wannan akwati ba shi da Google Cast. Kafin ka biya kuɗi, ka sa mai shago ya kunna shi, ku shiga Settings, sannan Apps, ku buɗe Show system apps, ku nemi Chromecast built-in ko Google Cast. In babu, to babu. Gara ka yi wannan dubawa a tsaye a shagon da ka kai kaya gida Agege sannan ka sake shiga cunkoson Ikeja don mayarwa.

Haɗawa ta farko

Zan bi da hanyar Google ne domin wayoyin Android sun fi yawa a hannun mutanenmu. Ka jona sifikar ko Chromecast da wuta. In Chromecast ne, ka yi amfani da cajar da ya zo da ita a soket ɗin bango, kada ka dogara da ramin USB na bayan talabijin. Wutar ramin kan yi kaɗan, kuma a talabijin da yawa tana ɗaukewa da zarar an kashe shi, sai na'urar ta ɓace daga waya har sai an sake kunnawa.

Ka haɗa wayarka da waifai ɗin da kake so na'urar ta zauna a kai, ka kunna bulutut, sannan ka buɗe manhajar Google Home. Za ta nemi izinin Location da na Nearby devices. Ka ba ta. Na san wasu na ɗari-ɗari da ba manhaja izinin sanin inda suke, kuma suna da hujja, sai dai a Android ba a barin manhaja ta lalubo waifai da na'urorin da ke kusa sai da waɗannan izini. In ka hana, manhajar za ta yi ta juyawa ba ta ga komai ba. Daga nan ka zaɓi ƙara sabuwar na'ura, ka jira ta gano ta. Sifika za ta yi ɗan sauti, talabijin kuma zai nuna wasu haruffa da lambobi da za ka gwada da na fuskar wayarka. Ka zaɓi waifai, ka saka kalmar sirri, ka ba na'urar suna mai ma'ana kamar Falo ko Shago. A gidan haya mai yawan jama'a inda ake raba intanet ɗaya, suna yana da amfani ƙwarai, don kada ka tura kiɗa ɗakin maƙwabcinka da tsakar dare.

Talabijin mai Android TV ko Google TV ba ya buƙatar duk wannan. Da rimot za ka haɗa shi da waifai, shi ke nan.

Turawar kanta ba ta da wuya. Ka buɗe manhajar waƙa, ka kunna abin da kake so, ka danna alamar nan mai kama da akwati da layukan waifai a kusurwarsa, ka zaɓi sunan na'urar. A Spotify alamar tana ƙasan fuskar da waƙa ke tafiya, mai kama da sifika. A iPhone kuma, in AirPlay ce, ka jawo Control Centre ka danna alamar da ke gefen waƙar.

Akwai abin da masu shago ya kamata su lissafa. Tunda na'urar ce ke ɗauko waƙar daga intanet, datar rauta ko mayifai ce ke tafiya, ba ta layin wayarka ba. Kuma waƙoƙin da ka sauke a cikin Spotify don saurare ba da data ba, ba su ne ke tashi a sifikar ba, sabo take ɗaukowa. Sautin da ke gudu a kilobit 160 cikin daƙiƙa yana cin megabayit 72 a awa ɗaya. Shagon ɗinki da ke kunna sifika awa goma ya ci megabayit 720 a yini ke nan. In ta YouTube ne a talabijin, har da hoto ake saukewa, cin ya ninka wannan sosai.

Wanda kuma ke da waƙoƙi ko karatu da wa'azi a ajiye a cikin wayarsa, irin waɗanda aka tura masa ta WhatsApp ko aka zuba masa a kati, manhajar VLC tana iya tura su zuwa Chromecast tun fitowarta ta 3.0 a 2018. A wannan yanayi wayar ce ke ba da sautin, don haka in ka fita da ita daga waifai ko tsarin tattalin batir ya kashe manhajar, sautin zai yanke. Ka cire VLC daga cikin manhajojin da wayar ke kashewa in allo ya mutu.

Idan na'urar ta ƙi fitowa

Kada ka fara da mayar da na'ura yadda ta fito daga kamfani. Wannan shi ne matakin ƙarshe, kuma galibi ba ya magance komai, domin matsalar ba a cikin na'urar take ba.

Ka fara da duba saman allon wayarka. Shin a kan waifai take ko a kan datar layi? Wayoyi da yawa suna barin waifai su koma data da kansu in suka ga intanet ɗin rauta ya yi rauni ko datarsa ta ƙare, mai waya bai sani ba. Ka kashe datar layi gaba ɗaya na ɗan lokaci don ka tabbata. Bayan haka ka duba ko akwai alamar makulli ko rubutun VPN a sama. Manhajar VPN tana kwashe zirga-zirgar wayar ta bi da ita wata hanya, sai shelar ta kasa isa ga na'urar da ke gabanka. Haka wasu manhajojin toshe talla, domin su ma ta VPN suke aiki. Ka kashe su, ka rufe manhajar waƙar gaba ɗaya, ka sake buɗewa.

Mai iPhone yana da ƙarin wuri guda. Tun daga iOS 14 da ta fito a 2020, kowace manhaja sai ta nemi izini kafin ta ga na'urorin cikin gida. Sau ɗaya take tambaya, kuma da yawa suna danna Don't Allow ba su karanta ba. Ka shiga Settings, Privacy & Security, Local Network, ka kunna wa YouTube, Spotify da Google Home. In ka ga AirPlay na aiki lafiya amma YouTube ba ya ganin Chromecast a waya ɗaya, kusan kullum nan ne.

Na gaba shi ne wuta, kuma mu a Legas wannan ya fi shafar mu. In aka ɗauke wuta aka tada janareta, komai na tashi lokaci guda, amma talabijin da sifika sukan riga rauta shiryawa. Rauta na iya ɗaukar minti ɗaya zuwa biyu kafin ta fara ba da waifai. Yawancin na'urori suna sake gwadawa da kansu, wasu kuma sukan maƙale, ko su kama wani waifai da suka taɓa sani, kamar hosfot ɗin wani a gidan. Tsarin gyaran shi ne ka zare wutar rauta da ta na'urar duka, ka jira kamar rabin minti, ka kunna rauta ita kaɗai har fitilunta su tsaya, sannan ka kunna na'urar. A talabijin, danna rimot ba kashewa ba ne, barci kawai yake yi, sai ka zare filogi. In gidanku wuta na yawan yankewa, ƙaramin batirin ajiya na rauta yana kawar da wannan matsala kusan gaba ɗaya.

Tun kana wurin, ka duba agogon talabijin. Wasu talabijin masu Android suna rasa kwanan wata in wuta ta yanke, su koma wata shekara ta baya. Na'urar da agogonta ya kauce ba ta iya tabbatar da takardun tsaro na intanet, sai ka ga an rubuta an haɗu da waifai amma babu intanet, ko ta fito a jeri amma ta ƙi karɓar waƙa. Ka shiga Date & Time ka mayar da shi kan ɗaukar lokaci daga intanet.

Lambar da ke faɗin gaskiya

In duk wannan bai yi ba, ka daina kallon sunan waifai, ka kalli adireshin da rauta ta ba kowace na'ura. Sunan yana iya yaudara, adireshi ba ya yi. A waya, ka shiga Settings, Wi-Fi, ka danna sunan da kake kai, za ka ga IP address. A talabijin yana ƙarƙashin Network ko Network & Internet. Lambobi ne kashi huɗu da ɗigo a tsakani. A rautar gida ta yau da kullum, kashi uku na farko dole su zama iri ɗaya a waya da talabijin, na ƙarshe ne kawai ke bambanta.

Ga misali daga wani gidan bene a Agege, na wani Alhaji mai harkar canji. Intanet ɗin gidan yana shigowa ta rautar da ke ƙasa. Da waifai ya ƙi kaiwa sama sosai, aka ja waya aka sa rauta ta biyu a falon sama, aka ba ta suna da kalmar sirri irin na ta ƙasa don kada a riƙa canjawa. Talabijin na falon sama yana da Google TV, YouTube yana aiki a kansa lafiya da rimot, wayar Alhaji ma tana shiga intanet. Amma turawa wata rana ta yi, wata rana ta ƙi.

Ya ce min, "Malam, an ce min talabijin ɗin ne ya samu matsala, wai sai an yi masa filashin."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a dakata da wannan tukuna. Bari mu ga lambobinsu."

Ga abin da muka gani:

```
Waya:       192.168.1.23
Talabijin:  192.168.0.104
```

Kashi na uku ya bambanta, ɗaya a nan, sifili a can. Ma'ana rautoci biyun kowacce ta kafa nata gida tana raba nata adireshi. Talabijin yana kan ta sama. Wayar kuma, in Alhaji ya shigo daga waje ta ƙasa, sai ta kama rautar ƙasa ta riƙe ta har ya hau bene, tunda siginar ba ta yanke gaba ɗaya ba. Ranar da wayar ta koma ta sama, turawa ta yi. Ranar da ta manne wa ta ƙasa, shelarta ba ta tsallaka. Don mu tabbatar, na kashe waifai na wayar na sake kunnawa a tsakiyar falon sama. Adireshinta ya koma 192.168.0.101, talabijin ya fito nan take.

Wannan gwaji ne kawai. Gyaran dindindin shi ne a sa rauta ta biyu ta daina raba adireshi, ta zama mai miƙa waifai kawai. Ka haɗa wayarka da ita, ka rubuta adireshinta a burauza. Yana rubuce a takardar da ke manne a ƙasanta tare da sunan shiga da kalmar sirri, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, mayifai da yawa kuma 192.168.8.1. Ka nemi Operation Mode ko Working Mode, ka zaɓi Access Point, ka adana, ka bar ta ta sake tashi. In rautar tsohuwa ce ba ta da wannan zaɓi, da hannu ake yi: ka canja adireshinta zuwa wanda ke cikin layin ta farko kuma babu mai amfani da shi, misali 192.168.1.250, ka kashe DHCP Server, sannan ka zare wayar da ta taho daga ƙasa daga ramin WAN ka soka ta a ɗaya daga ramukan LAN. Ka rubuta sabon adireshin a takarda ka manna a jikinta, domin da shi za ka shiga nan gaba. Bayan haka a sake kunna talabijin da waifai na waya. A gidan Alhaji duka suka koma 192.168.1, har wayar Hajiya daga kicin a ƙasa tana ganin talabijin na sama.

In ka ga adireshin na'ura ya fara da 169.254, ma'anarsa rauta ba ta ba ta adireshi ba sam, ita ta ƙirƙira wa kanta. Ko dai tana buƙatar sake kunnawa, ko kuma mayifai ya cika. Ƙananan mayifai suna da iyakar na'urorin da suke ɗauka, da yawa goma ne ko sha shida, kuma a shago ko gidan da kowa ya san kalmar sirri, wayoyi kan cinye gurbin kafin talabijin ya tashi.

Adireshi ya yi daidai amma har yanzu shiru

To yanzu rauta ce ke hana na'urorin ganin juna da gangan. Ka shiga saitinta ta burauza, ƙarƙashin Wireless ko Advanced, ka nemi AP Isolation. Wasu na kiran sa Client Isolation ko Wireless Isolation. Aikinsa ya bar kowace na'ura ta shiga intanet amma ya hana ta magana da 'yar'uwarta. Ka kashe shi. Haka waifai na baƙi, mai Guest a sunansa, da wannan katanga ake yin sa, don haka kada ka ɗora sifika a kai. Wannan ne kuma dalilin da turawa ba ta yi a yawancin otal da wuraren da ake raba intanet ga jama'a. A can katangar kariya ce ga kowa, kuma ba hannunka saitin yake ba.

Sai batun 2.4GHz da 5GHz. Rauta ɗaya kan fitar da suna biyu, ɗaya da 5G a ƙarshensa. Wannan ba 5G na layin waya ba ne, zangon waifai ne. A ƙa'ida waya na iya zama a kan ɗaya, sifika a kan ɗaya, su ga juna. Amma wasu rautoci ba sa miƙa shelar tsakanin zangon biyu yadda ya kamata. Gwajin ba shi da wuya: ka dawo da wayar kan sunan da na'urar take. In ta fito, ka gano wurin. Ka nemi IGMP Snooping a saitin rauta, ka juya shi, in a kunne yake ka kashe, in a kashe yake ka kunna, ka sake gwadawa. In bai canja komai ba ka mayar yadda ka same shi, ka bar waya da na'urar a zango ɗaya. Chromecast na farko, na 2013, ba ya ma ganin 5GHz ko kaɗan. A gidajenmu masu bangon bulo da dakin, 2.4GHz ya fi ratsa bango, kuma ya ishi waƙa.

Wanda ya canja mayifai ko rauta, na'urarsa tana nan tana neman tsohon suna. Ba sai ya sake haɗa komai daga farko ba. Ya shiga saitin sabuwar ya ba ta sunan tsohuwar da kalmar sirrinta, harafi da harafi, babba da ƙarami, na'urorin za su hau da kansu.

Hosfot na waya kuma yana da nasa hali. Haɗawar farko tana son waya biyu, ɗaya ta ba da hosfot, ɗaya ta buɗe Google Home. Bayan nan wasu wayoyin suna iya turawa daga wadda ke ba da hosfot ɗin, wasu ba sa ganin na'urar da ke kansu. In taka ta ƙi, ka tura daga waya ta biyu.

Inda rauta ba taka ba ce, kamar intanet na mai gida ko na ofis, akwai hanyar da ba ta dogara da shela. A manhajar YouTube ta talabijin ka shiga Settings, ka zaɓi Link with TV code, zai nuna lambobi. A wayar ka shiga Settings na YouTube, Watch on TV, ka rubuta su. Wannan haɗi ta intanet yake bi, don haka yana aiki ko da wayar tana kan datar layi. Spotify ma haka: in ka shiga asusunka a manhajar Spotify ta talabijin kuma tana buɗe, zai fito a jerin na'urorin wayarka ko ba waifai ɗaya kuke ba.

Sai in talabijin mai Android ya ci gaba da ɓuya bayan adireshi ya daidaita kuma katanga a kashe take, sannan za ka taɓa shi kansa. Ka koma Show system apps, ka buɗe Chromecast built-in ko Google Cast, ka tabbata ba a kashe shi ba, ka danna Clear data, ka zare filogi ka mayar. In akwai wata waya a kusa, ka gwada da ita kafin ka yi tunanin Factory reset. In ta biyun ta ga talabijin, matsalar tana cikin wayarka, goge talabijin ba zai ƙara maka komai ba sai aikin sake shigar da asusu da manhajoji.